Lamba shida da ake sace wa mutum asusun WhatsApp da ita a cikin ƙungiya

Makon jiya wani dattijo a ƙungiyarmu ta WhatsApp ya rasa asusunsa na WhatsApp cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Wani ne ya kira shi, ya gaishe shi da sunansa cikin ladabi, ya ce: "Baba, daga ƙungiya ne. Akwai taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, karanto min in saka sunanka." Saƙo ya shigo da lamba shida, ya karanto. Kafin ya ajiye wayar an fitar da shi daga asusunsa.

Lambar nan ba ta taro ba ce. Duk wanda zai buɗe WhatsApp a sabuwar waya sai ya rubuta lambar waya, kamfanin ya tura lamba shida ta tabbatarwa zuwa ga mai layin. Ɓarawon ya rubuta lambar dattijon a tasa wayar, saƙon ya tafi wurin mai shi, abin da ya rage kawai a lallaɓe shi ya faɗa da bakinsa. Tsoffin hirarraki ba sa bin ɓarawo, suna nan a wayar mai su. Amma ƙungiyoyi suna bin sa, tare da lambobin duk mutanen da ke ciki. Daga nan sai ya shiga bin mutane ɗaya bayan ɗaya da sunan dattijon da hotonsa: "Na shiga wata matsala, taimaka min da aro zuwa gobe." Mutum biyu sun tura kafin magana ta fito, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai ga mutumin da yake girmamawa a cikin damuwa ya tsaya yi masa tambayoyi?

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne gargaɗin da ya biyo baya: "Jama'a a yi hattara, 'yan damfara sun yi yawa." Wannan bai tsare kowa ba, domin wanda aka cuta ma yana ganin kansa mai hattara ne. Gargaɗi sai ya faɗi abin da mutum zai ji da kunnensa: za a kira ka da sunan taro, ko a ce an yi kuskuren turo maka wata lamba. Duk lamba shida da ta shigo wayarka ba ka nema ba, kada ka karanta wa kowa, ko da muryar ta yi kama da ta shugaban ƙungiya. Wanda ya nemi kuɗi a rubuce kuma, a kira layinsa kai tsaye a ji muryarsa, sannan a duba sunan da ke kan asusun banki. In ya bambanta da na mai roƙon, aka ce wai na ƙaninsa ne, to a riƙe hannu.

Wasu sun ce bai kamata a bayyana wanda aka sace wa asusu ba, don kada a kunyata shi. Na fahimci nufinsu, amma ban yarda ba. Ɓarawo da sunan mutumin yake cin kasuwa, kuma yana zaune a cikin ƙungiyar yana karanta duk abin da ake rubutawa. Don haka mai kula da ƙungiya ya fara cire lambar tukuna, sannan ya sanar ƙarara cewa kada a amsa saƙo daga gare ta. Waɗanda ba sa leƙa waya sosai a kira su, domin su aka fi samu. Gorin da ake yi wa wanda aka yaudara shi ke sa na gaba ya yi shiru har ɓarna ta yaɗu.

Dawo da asusu yana yiwuwa, tunda layin yana hannun mai shi. Ya sake shiga da lambarsa, sabuwar lamba shida ta zo, da ya saka ta an kori ɓarawon. Matsalar ita ce idan ɓarawon ya riga ya kafa nasa makullin, wato wata lambar sirri da ake nema bayan ta tabbatarwa: sai an jira kwana 7 kafin a shiga ba tare da shi ba, ko da yake shi ma ɓarawon yana waje a lokacin. Makullin nan kowa na iya kafa nasa yau, ta Settings, sai Account, sai Two-step verification, ya zaɓi lamba shida da shi kaɗai ya sani, ya ƙara adireshin imel don ranar mantuwa. Dattijonmu bai kafa ba, ɓarawo ya riga shi, don haka yanzu yana ƙirga kwanaki, mu kuma muna bin sauran ƙungiyoyin da yake ciki muna sanar da su.