Bidiyon da ake kallo ba murya: wane rubutu ya kamata a ɗora masa?

A layin jiran ganin likita a wani asibiti na zauna kusa da wata mata mai goyo, wayarta a hannu, tana kallon bidiyon da aka turo mata ta WhatsApp. Ba ta kunna murya ba, domin yaron ya samu barci kuma wurin cike yake da marasa lafiya. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ke magana a bidiyon, bakinta na motsi, ga tambarin gidan jaridar da ya ɗauka a kusurwa, ga sunanta da muƙaminta a rubuce da Turanci, amma babu kalma ɗaya daga abin da take faɗa. Matar ta kalla na ɗan lokaci, ta matsar da yatsa ta wuce. Daga baya na ga bidiyon da murya, ashe sanarwar allurar rigakafin yara ce, wato saƙon da aka yi domin irinta.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ke shirya gajeren bidiyo da Hausa ya ɗauka cewa mai kallonsa ba ya jin komai, ya zaɓi rubutun da zai hau allo tun kafin ya gama yanka hotunan, maimakon ya manna shi a ƙarshe idan lokaci ya rage. Tun da Facebook ya fara kunna bidiyo da kansa ba tare da murya ba a ƙarshen shekarar 2013, kafofi irin su NowThis da AJ+ suka gina salonsu a kan rubutu bisa hoto. A 2016 mujallar Digiday ta ruwaito wasu kafofin yaɗa labarai suna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na kallon bidiyonsu a Facebook ba da murya ake yi ba. Wannan adadi na masu kallonsu ne, ba namu ba, amma wanda ya taɓa shiga motar haya ko ya zauna a ofis ko ɗakin da ake barci ya san dalilan da ke sa mutum ya kashe muryar waya, ga kuma kurame waɗanda ba su da zaɓi tun farko.

Abu na farko da ke rikita masu tace bidiyo shi ne rashin bambance rubutu iri biyu. Akwai rubutun magana, wanda ke bin bakin mai magana, kuma amana ce a wuyan mai rubutawa. Akwai kuma rubutun edita, wato sunan mai magana, da wurin da aka ɗauka, da rana, da taƙaitaccen bayanin abin da ke faruwa. Idan aka yi su da launi ɗaya a wuri ɗaya, mai kallo ba zai san ko manomin ne ya ce taki ya yi tsada ko ɗan jaridar ne ya faɗa ba, kuma wanda ke jin murya kaɗai ne zai iya raba gardamar. Saboda haka rubutun magana ya zauna a wuri guda daga farko har ƙarshe, na edita kuma a ba shi wani wurin da wata kamar daban.

Bari mu ɗauki misalin sanarwa irin waccan mu bi ta daki-daki. A ce ma'aikaciyar ta faɗi haka cikin daƙiƙa 9: "To, kamar yadda na faɗa muku, wato dai insha Allahu ranar Asabar mai zuwa ɗin nan za mu fara allurar rigakafin ƙyanda ga yara daga wata tara zuwa shekara biyar, a asibitin unguwa, daga ƙarfe takwas na safe." Idan aka ƙirga haruffan tare da sararin da ke tsakanin kalmomi, sun ɗan haura 200, wato mai karatu zai haɗiye haruffa kusan 23 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar Netflix ta rubutun Turanci ba ta yarda a wuce haruffa 20 a daƙiƙa ga manya ba, 17 ga yara, layi biyu kacal a lokaci guda, kowane layi kada ya wuce haruffa 42. An tsara wannan ne domin mutanen da suka saba da karatu, suna zaune a natse gaban allo. Mai kallon da nake tunani yana riƙe da ƙaramar waya, wataƙila gilashinta a tsage, kuma karatun bokon nasa ba mai gudu ba ne. A ganina, wajen haruffa 15 a daƙiƙa ya fi dacewa da shi, kuma hakan na nufin cikin daƙiƙa 9 muna da gurbin haruffa 135 ne kawai.

To me za a zubar? "To, kamar yadda na faɗa muku, wato dai" ba ya ɗauke da labari, haka ma "mai zuwa ɗin nan". Lambobi kuma a rubuta su da alƙaluma, domin ido ya fi saurin cafke 9 a kan "tara". "Insha Allahu" kuwa zan bar shi, domin maganarta ce, kuma wanda ke ji yana karantawa zai lura idan an cire. Abin da ya rage sai a kasa shi uku: na farko "Ranar Asabar, insha Allahu, za mu fara rigakafin ƙyanda", ya tsaya daƙiƙa 4, na biyu "ga yara daga wata 9 zuwa shekara 5,", na uku "a asibitin unguwa, daga ƙarfe 8 na safe.", kowannensu daƙiƙa biyu da rabi. Jimla haruffa kusan 130 ke nan, kuma ba a taɓa rana ko shekaru ko wuri ko lokaci ba. A fayil ɗin SRT, wato fayil ɗin da ke ɗauke da rubutun da lokacin fitowar kowane layi, kashi na farko zai fito kamar haka:

```
1
00:00:01,000 --> 00:00:05,000
Ranar Asabar, insha Allahu,
za mu fara rigakafin ƙyanda
```

Iyakar wannan ragi ita ce ma'ana. Ana iya zubar da maimaici da gyaran murya, amma ba a zubar da "wataƙila" ko "an ce" ko "ana zargin", domin cire su na mayar da zato ya zama tabbaci a bakin wanda bai tabbatar ba. Idan kuma magana ta yi gudu har ba ta raguwa, kamar furucin shugaba da za a kafa hujja da shi, gara a bar rubutun ya ɗan zarce kan hoton da ke biye da a matse shi.

Har yanzu da sauran aiki a misalin namu, kuma a nan rubutun edita ke shigowa. "Ranar Asabar" wace Asabar? "Asibitin unguwa" a wane gari? Bidiyo idan ya shiga WhatsApp yana yawo ne shi kaɗai, bayanin da aka rubuta a ƙasansa a shafin gidan jarida ba ya bin sa, kuma yana iya dawowa bayan wata shida a wani garin daban. Dole ne sunan gari da cikakken kwanan wata har da shekara su kasance cikin hoton kansa, tun daga daƙiƙun farko, su kuma daɗe a wurin. Wannan dalilin ne ya sa nake ganin, ga masu kallonmu, rubutun da aka haɗe da hoton ya fi wanda ake lodawa daban. YouTube da Facebook suna karɓar fayil ɗin SRT, mai kallo ya kunna ko ya kashe, kuma yana da kyau a loda shi. Amma da zarar wani ya sauke bidiyon ya tura wa ɗan uwansa, hoto da murya ne kaɗai ke tafiya, rubutun ya tsaya a baya.

Akwai salon da ya yi tashe yanzu, inda kalmomi ke tsalle ɗaya-ɗaya ko bibbiyu a tsakiyar allo. Ina da ja a kansa, kuma dalilina daga tsarin Hausa ya fito. Korewa a harshenmu sau da yawa tana zuwa ne da "ba" biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Ɗauki jimlar "Ba za a karɓi kuɗi ba." Idan aka sare ta, "Ba za a" ya wuce, sannan "karɓi kuɗi" ya bayyana shi kaɗai, wanda ya ɗaga ido a wannan lokacin ya karanta akasin abin da aka faɗa, kuma ba shi da muryar da za ta gyara masa. Don haka "ba" da 'yar uwarta su zauna a allo tare, kada a raba "za mu" da aikatau ɗin da ke bin sa, kada kuma a bar "wata" a layi ɗaya, 9 a wani.

Haruffa masu lanƙwasa su ma ba ado ba ne a nan. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu yana dogara ne da mahallin magana, kuma a layi mai kalmomi biyar mahallin kaɗan ne. Idan aka ƙara da zubar da ƙ da ɗ da ɓ, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓari" ya koma "bari". Matsalar kan taso ne daga wurare biyu: ko dai samfurin haruffan da aka zaɓa ba shi da waɗannan baƙaƙe, sai su fito kamar ƙananan akwatuna ko da wata siffa daban da ta sauran kalmar, ko kuma ba a ajiye fayil ɗin da UTF-8 ba, wato tsarin ajiye rubutu da ke gane irin waɗannan haruffa. Samfura irin su Noto Sans da Andika suna da su, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Kafin a fara aiki, a rubuta "ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ" a manhajar a ga yadda za su fito.

Batun wuri da launi gajere ne. A bidiyon tsaye, ƙasan allo da gefen dama maɓallan manhaja ne ke rufe su, don haka a ɗaga rubutun sama kaɗan ba tare da ya hau bakin mai magana ba. Farin rubutu a kan farar riga ko farin bango ɓacewa yake yi, musamman bayan WhatsApp ya matse bidiyon, kuma maganin shi ne baƙin shafi mai ɗan duhu a bayan layin.

Za a ce da yawa daga masu kallonmu ba sa karanta boko, wasu ajami suka fi sani, don haka wahalar ba ta biya ba. Gaskiya ne rubutu ba zai kai ga kowa ba, shi ya sa ba na cewa a yi sakaci da murya, kuma shi ya sa na fi son alƙaluma da gajerun layuka, waɗanda mai ƙaramin karatu ma zai tsinci wani abu a ciki. Abin da ba na karɓa shi ne a yi magana da Hausa, a rubuta fassarar Turanci kaɗai a ƙasa, alhali an ce Bahaushe ake son ya gani. Idan ana buƙatar harsunan biyu, a fitar da bidiyo biyu, domin cusa layuka huɗu a allon waya na hana a karanta ko ɗaya.

Gwajin da nake ba da shawara a yi kafin a saki kowane bidiyo ba ya cin ko sisi. A tura shi ta WhatsApp zuwa wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a ofis, a kashe murya, a miƙa wa wanda bai san labarin ba, ya kalla sau ɗaya. Sannan a tambaye shi: wa ke magana, me za a yi, a ina, yaushe? A misalinmu, idan ya ce rigakafin ƙyanda ne amma bai kama shekarun yaran ba, to kashi na biyu ne bai daɗe a allo ba, sai a ƙara masa daƙiƙa ɗaya a sake gwadawa da wani mutumin daban.