Ba duk likita mace ce aka halitta don ɗakin haihuwa ba

A Sakkwato, da zarar yarinya ta gama karatun likita, kusan kowa ya riga ya zaɓa mata fannin da za ta ƙware. Gwaggo za ta ce fannin mata, maigida zai ce fannin mata, malaman unguwa ma haka, don matanmu su daina shiga hannun likitoci maza. Buƙatar gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Abin da nake ja a kai shi ne a ɗauki buƙatar gari a mai da ita ita kaɗai ce ma'auni, a manta da cewa mutum ɗaya ne zai yi wannan aikin shekara ashirin da biyar ko talatin, da halinsa da barcinsa da iyalinsa.

Zan yi misali da ɗiyar wani aminina, wadda ta kawo mini maganarta bayan ta gama bautar ƙasa. Shekarunta 27, tana da aure da yaro ɗaya, mijinta a nan garin yake aiki. Ta ce, “Baba, ina so in san fannin da ya fi saurin ƙarewa.” Na ce mata wannan ce tambayar da ta fi ƙarancin amfani cikin duk waɗanda za ta iya yi mini, amma mu yi lissafin don ta huta da ita.

Hanyar ɗaya ce ga kowa. Shekara 6 a makarantar likitanci, in yajin aiki bai ƙara ba, shekara ɗaya ta horon asibiti, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage da muke kira Firamaris, ko dai ta kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta ɗaya daga cikin kwalejojin Afirka ta Yamma. In ka ci, sai ka jira asibitin koyarwa ya buɗe gurbi. Matakin ƙaramin mai neman ƙwarewa yana cin shekara 2 zuwa 3 kafin jarrabawar Fat Wan, matakin babban rajistara ya ci wasu 2 zuwa 3, har da rubuta kundin bincike, kafin Fat Tu. In ta shiga tana da 28, za ta fito kwansaltan, wato cikakkiyar ƙwararriya, tsakanin 32 da 34, ko fannin mata ta zaɓa ko na yara ko na sa majinyaci barci a tiyata. Bambancin bai cika wuce shekara guda ba. Wanda ya fita daban shi ne irin tiyatar ƙwaƙwalwa, wadda muke da cibiyarta a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda matakin sama ya fi tsawo. Kuma abin da ke ja wa mutane lokaci ba abin da ke rubuce a takarda ba ne. Sau biyu ake jarrabawa a shekara, faɗuwa ɗaya wata shida ce. Hutun haihuwa sai an rama watanninsa. Kundin bincike yana iya kwana shekara a kan teburin mai dubawa. Wanda ya shiga fannin da ba ya so don wai gajere ne, karatun ba ya zama a kansa, sai ya faɗi sau biyu, ga shekarar da ya yi wa rowa ta tafi.

Sai na tambaye ta abin da na fi son sani: a wata ukun da ta yi a ɗakin haihuwa lokacin horon asibiti, wane dare ne ba ta manta ba? Ta ce daren da aka kawo wata yarinya daga ƙauye da jijjigar masu ciki, an ɗauko ta a bayan mota, harshe duk a tattaune. An ba ta allurar maganiziyam, giram 4 ta jijiya, giram 10 a ɗuwawu, biyar kowane gefe, aka sa mata robar fitsari, aka yanke shawarar a yi mata aiki. Na ce to, ke ina hankalinki yake a lokacin? Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai a tiyata ba wurin wuƙar take kallo ba. Idonta yana kan mai sa barci, mutumin da ke tsaye wajen kan majinyaciya, wanda ke kallon na'urar bugun zuciya da awon jini, yana ƙara wannan yana rage wancan, ba ya ko ɗaga murya. Abin da ya fi yi mata nauyi a ɗakin haihuwa kuwa ba jinin ba ne. Fita waje ne a yi wa miji da surukai bayanin dalilin da ya sa dole a yi aiki yanzu, su ce sai an kira wane a waya, ita tana tsaye tana lallashi, agogo na tafiya.

Wannan amsar ta fi mini duk wani lissafi. Fannin mata a yankinmu rabinsa magana ce. Kana lallashin dangi su sa hannu, kana roƙon ’yan'uwa su ba da jini, kana gaya wa mace mai haihuwa ta tara cewa ta goma na iya zama ajalinta, kuma ka faɗa ta yadda gobe za ta dawo awo. Akwai waɗanda wannan ke ƙara musu ƙarfi, za ka gan su sun fito daga gardama da surukai suna dariya. Akwai waɗanda kowace irin wannan tsayuwa sai ta rage musu wani abu. Ba rashin tausayi ba ne, hali ne, kuma jarrabawa ba ta canja shi.

Matsalar ita ce horon asibiti fanni huɗu kawai yake nuna wa sabon likita: cututtukan manya, tiyata, yara da mata, wata uku-uku. Fannin sa barci, hoto, binciken jini da tsoka, ido, kunne da hanci da maƙogwaro, taɓin hankali, duk a makaranta aka leƙa su na ’yan makonni ana sauri. Sai mutum ya zaɓi rayuwarsa daga cikin huɗun da ya gani, ko kuma daga motar kwansaltan ɗin da ya burge shi. Ni kuwa ina cewa kar ka kalli kwansaltan. Kalli babban rajistara, ka roƙe shi jadawalin kwanan aiki na wata uku da suka wuce, ka ƙirga darare nawa ya kwana a asibiti, ka tambayi matarsa ko mijinta in kun saba. Sannan ka nemi izini ka zauna da su mako biyu, har da kwana. Gani ya kori ji.

Kar kuma wani ya ɗauka na ce sa barci hutu ne. Duk cikin da aka yanka da ƙarfe uku na dare, mai sa barci yana wurin, shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya. Aikin awa biyu ne na natsuwa da minti biyu na tashin hankali. Ka yi wa mai ciki allurar kashin baya, awon jininta ya faɗi nan take, dole hannunka ya riga tunaninka. Ka sa mutum barci, robar numfashi ta ƙi shiga, ƙwaƙwalwa kuwa ’yan mintoci kaɗan take jurewa babu iska. Mai firgita ba zai iya ba, mai gajen haƙuri da zaman kallon na'ura ma ba zai iya ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: majinyaci ba ya sanin sunanka. Ranar suna, likitar da ta ciro jariri ake kai wa goro da nama, wani lokacin har a yi mata takwara. In zuciyarka tana buƙatar wannan godiyar, kuma ba laifi ba ne ta buƙata, to sa barci zai bar ka da yunwa. Inda ya fi sauƙi shi ne in ka miƙa majinyaci ka fita, ka fita. Ba ka da kilinik mai mutum sittin, ba mai bin ka gida da katin awo.

Batun buƙata kuma kashi biyu ne da mutane ke haɗawa. Akwai buƙatar jama'a, akwai wurin da za ka iya yin aikin. Likitar mata tana iya aiki a Tambuwal ko Gwadabawa ko Wurno, tana iya buɗe nata ƙaramin asibiti a Mabera da gado goma. Likitan sa barci sai inda akwai ɗakin tiyata mai aiki da iskar oksijin. Likitan hoto yana ɗaure da na'ura, na taɓa zama a wani wuri da na'urar ta lalace watanni, ƙwararre yana zaune yana karanta jarida. Amma a ɗaya gefen, masu sa barci sun yi ƙaranci ƙwarai, har a manyan asibitoci da dama ma'aikatan jinya da aka horar ne ke riƙe da yawancin aikin. Ko don matan nan da ake cewa a taimaka, tiyatar haihuwa ba ta yiwuwa sai da mai sa barci, gyaran yoyon fitsari a asibitin Maryam Abacha haka, gyaran fuskar yara a asibitin cutar Noma mai cinye fuska haka. Mace mai ciki da ke kwance ana shirin yanka ta, ganin mace ’yar'uwarta tsaye wajen kanta tana yi mata magana da Hausa ba ƙaramin abu ba ne. Haka zancen yake ga taɓin hankali: ga asibitin Kware kusa da mu, ga mata masu rikicewa bayan haihuwa da matasa masu shaye-shaye, amma iyaye da yawa har yanzu ba sa son a ce ɗiyarsu “likitar mahaukata” ce.

Abin da ya sa nake matsa wa matasa su yi wannan binciken tun kafin su biya kuɗin jarrabawa shi ne Firamaris ta kowane fanni daban ce. In ka yi shekara biyu a fannin mata sannan ka gane ba wurinka ba ne, komawa wani fannin na nufin sabuwar jarrabawa, sabon neman gurbi, ka koma ƙasan waɗanda ka girma. Alamun kuwa suna fitowa da wuri. Za ka ga mutum littafin da ake rubuta ayyukan da ya yi ba ya cika, kullum yana neman wanda zai musanya kwana da shi, ana kiran aiki yana turo na ƙasa da shi, litattafan fannin sabbi fil a kan tebur. Gajiya kowa na yi. Amma mai son fanninsa ko ya kwana tsaye, da safe za ka ji yana ba da labarin aikin jiya.

Ɗiyar tawa ta yi mako biyunta a tiyata tare da masu sa barci, ta kuma zauna da mijinta da uwar mijinta suka yi maganar wanda zai riƙe yaro daren da take kwanan aiki, tunda wannan ba zai gushe ba ko wane fanni ta ɗauka cikin biyun. Ta fara karatun Firamaris ta sa barci. Gwaggonta har yanzu ba ta gamsu ba, tana cewa an yi asarar likita. Na ce mata duk ranar da wata cikin ɗiyanta za ta shiga tiyata, ta tambayi wa zai tsaya wajen kanta kafin ta tambayi wa zai riƙe wuƙa.