An ce ta haddace, ta haddace, yanzu kuma an ce inji ne ya rubuta mata

Makon jiya a wata babbar makaranta a nan cikin birnin Kano, wata ɗaliba 'yar aji biyu ta je karɓar aikin gida da ta miƙa. Shafi uku ne da Turanci a kan toshewar magudanun ruwa da damina. Ta tarar da sifili da jan biro, an zagaye shi har sau biyu. Ta yi sallama a ƙofar ofis, ta durƙusa, ta ce, "Malam, don Allah na ga ba a ba ni maki ba."

Bai ɗago ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta da yatsa ɗaya, ya ce, "Ke, karanta. Kashi 87. Na'ura ce ta rubuta miki."

"Wallahi Malam da hannuna na rubuta. Takardar tana cikin jakata, kafe na kai aka buga mini."

"Rantsuwar ta isa haka. Kowa ya shigo nan wallahi yake cewa. Dubi yadda kika jera su, da farko, na biyu, bugu da ƙari, a ƙarshe. Mutum ne yake rubutu haka?"

"Haka aka koya mana a sakandare, Malam."

"To ki koma sakandaren su ba ki makin. Ja mini ƙofa."

Takardar da ke cikin jaka ba ta fito ba, domin ba a nemi ganinta ba. Mashaa Allah, an yi shari'a an gama cikin minti biyu, shaida ɗaya tak, shi ma shaidan manhaja ce ta kyauta da aka tsinta a intanet. Shi kuma alƙalin da ke tambayar ko mutum yana rubutu haka, da za a zaro takardarsa ta gama sakandare, da an ga "da farko" da "a ƙarshe" zaune daram a inda ya zagaye wa yarinya da jan biro.

Duk wanda ya zana WAEC ya san daga ina wannan salo ya fito. Ana son insha'i mai kalmomi kusan 450, maki 50 ne, an raba shi gida huɗu: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu daga kuskure. A wannan gida na ƙarshe ake yanka, kowane kuskuren nahawu ko na rubuta kalma ko na alamar rubutu rabin maki ne, kuskure ashirin ya cinye goman gaba ɗaya. To malamin Turanci da yake son ɗalibansa su tsallake me zai ce musu? Kada ku ɗauko kalmar da ba ku tabbatar da rubutunta ba. Ku gajarta jimla. Gabatarwa sakin layi ɗaya, hujja uku kowace da sakin layinta, sannan kammalawa da za ta maimaita abin da aka faɗa a sama. Wasiƙar hukuma da adireshinta biyu da kanunta, muhawara da gaisuwar shugaba da alƙalai da mai kula da lokaci, duk haddace su ake kamar karatun allo. Shekara shida ana dasa wannan, a aji, a lesin na yamma, a littafin tambayoyin baya. Ba laifin malamin ba ne ma, dabarar tana kawo kiredit.

Yanzu dubi abin da manhajar gano rubutun na'ura take aunawa. Ba ta ga wanda ya riƙe biro ba, ba ta da wata taska da za ta duba ta ce ga inda ChatGPT, injin nan mai yi wa mutane rubutu, ya rubuta wannan. Kintace take yi daga siffar rubutun. Babban abin da irin waɗannan manhajoji ke kallo shi ne sauƙin cankar kalma ta gaba: idan bayan kowace kalma wadda aka fi zato ita ce ke zuwa, sai su ce wannan ya yi kama da inji, tunda inji ma kalmar da ta fi dacewa yake zaɓa. Suna kuma kallon tsawon jimloli, ko suna hawa da sauka ko kuwa duk kansu ɗaya. Wato dai abin nan biyu da aka horar da ɗalibinmu a kansu don ya tsira da rabin makinsa, kalma sananniya da jimla madaidaiciya, su ne ainihin alamomin da manhajar ke kira laifi. Ga shi kuma Turancin ba harshen uwa ba ne, rumbun kalmominsa ƙarami ne, dole ya yi ta komawa kan waɗanda ya sani.

An gwada wannan a aikace. A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford sun ɗauki insha'i 91 da waɗanda Turanci ba harshensu ba ne suka rubuta don jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL, suka saka su a manhajoji bakwai. A matsakaici, kusan kashi 61 cikin ɗari aka ce na'ura ce ta rubuta, alhali duk mutane ne. Rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas kuwa kusan duka ya wuce lafiya. Abin dariyar ma, da suka ba ChatGPT waɗancan insha'in ya ƙawata musu kalmomi, sai zargin ya faɗo zuwa kusan kashi 12. Ka ji fa. Wanda ya yi da guminsa an kama shi, wanda inji ya yi wa kwalliya ya wuce yana kaɗa hannu. Kamfanin OpenAI da kansa, mai ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, ya ce tana kama kashi 26 ne kawai na rubutun inji, tana kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi. Zuwa Yulin shekarar ya janye ta. Ɗauki wannan kashi 9 ka ɗora a ajin mutum 300 irin namu, ɗalibai 27 ke nan da za a ja wa sifili ba su ji ba ba su gani ba. Turnitin ma, manhajar duba rubutu da makarantu ke biya da kuɗi, ta faɗa da bakinta cewa kada a ɗauki lambarta ita kaɗai a hukunta ɗalibi.

To me mai duba takarda zai yi? Abin ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, minti goma ne da ɗan adalci.

Ya fara karanta takardar da idonsa kafin ya nuna wa manhaja, domin idan lamba ta riga shiga kai, komai ya gani shaida ce. Rubutun ɗan hadda yana da alamar da ba ta ɓuya: ƙwaryar sumul, abin cikin da gargada. Jimlar buɗewa da ta rufewa babu kuskure ko ɗaya domin haddatattu ne, amma da an shiga tsakiya inda dole ya faɗi nasa, sai ka ga lokacin aiki ya zame daga jiya zuwa yau, an yar da ƙananan kalmomin da ke gaban suna, wani wurin har an musanya harafin fa da pa kamar yadda bakinmu ya saba. Inji ba ya wannan tuntuɓen, santsinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. A takardar yarinyar nan, sakin layi na uku yana maganar ledar fiya wata da ke cushe kwalbati a unguwarsu, da yadda ruwan Jakara ke cika ya shiga gidaje, da matasan layi da ke fitowa yasar kwata ranar Asabar. Jimlolin ma da ɗan karkacewa. Wanda ya karanta wannan da hankali ya san mai rubutun ta taka wannan ruwan da ƙafarta.

Sai ya kwatanta da abin da ya tabbatar nata ne, takardar gwajin da ta rubuta a gabansa a aji. Idan can ma "da farko" ne da "bugu da ƙari", kuskuren ma irin wannan ne, magana ta ƙare. Abin da ya cancanci tuhuma shi ne tazara mai faɗi, wanda a aji ba ya iya haɗa jimla biyu amma a aikin gida ya koma baturen Ingila. Ya nemi daftari kuma. Yawancin ɗalibanmu da biro suke rubutawa su kai kafe, kuma mai bugawa yakan gyara rubutun kalmomi da abin da kwamfuta ta ja wa jan layi, wannan kaɗai yana ƙara wa takarda santsi. Wanda ya rubuta a Google Docs, a buɗe Version history a ga ko rubutun ya taru a hankali ne cikin kwanaki ko kuwa shafi uku ne suka faɗo cikin minti ɗaya. Ko wannan ma a tambaya tukuna, domin mai tsimin data yakan rubuta a wani wuri a waya sannan ya kwafo. Idan akwai manazarta a ƙasa, a ɗauki biyu a nema. Inji ya shahara da ƙirƙiro littafin da babu shi a duniya, kuma wannan hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban kwamiti, ba kashi kaza ba.

Mafi ƙarfinsu duka ita ce tambayar baki. A kife takardar a ce, me kike nufi da hujjarki ta biyu, wannan kalmar me take nufi, me ya sa kika fara da leda ba da gini a kan hanyar ruwa ba? Wadda ta rubuta za ta amsa ko da in-ina, ko da Hausa ne. Wanda aka rubuta wa, tambaya ta biyu ake ganin ƙeyarsa. Malamin da kuma ya rantse da manhajarsa, ya yi mata gwaji ɗaya: ya ɗauko kundayen ɗalibai goma na kafin Nuwamban 2022, lokacin da babu ChatGPT, ya saka mata su. Duk wanda ta zarga a cikinsu ƙarya ta yi masa a gaban idonsa. In yana da ƙarfin hali ya haɗa da kundin digirinsa.

Amma wa zai ba shi minti goman? Nan ne abin ke ƙona rai. Gwamnatin da ta cusa yara ɗari a ajin sakandare, malami ɗaya, ba yadda za a yi ya karanta insha'i ɗari ya ce wa kowa ga muryarka, sai ya ba su ƙwarya ɗaya kowa ya zuba. Ita ce kuma ta tara ɗaruruwa a zaure ɗaya a babbar makaranta, ta bar malami da tulin takardu da albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ga wuta babu, sai ya miƙa alƙalanci ga manhajar kyauta don ya samu ya yi barci. An iya shirya taron bita a otal a kan ƙirƙirarriyar basira, a ci shinkafa a raba jaka, amma 'yar takarda mai shafi ɗaya da za ta ce lambar manhaja ba hujja ba ce, dole a saurari ɗalibi, ga inda zai kai kuka, wannan ta gagara. Mu ma iyaye da hannunmu a ciki, mu ke biyan kuɗin lesin muna cewa a ba su abin da zai fito kawai, kada a ɓata musu lokaci. Yanzu har ɗalibai sun fara ba juna shawarar a riƙa dasa kuskure da gangan a cikin rubutu don manhaja ta yarda mutum ne. Shekara shida ana zaftare musu rabin maki a kan kuskure, yau su ke sayen data su nemo inda za su saka shi.

Ita kuwa yarinyar an ce ta rubuta takardar koke ta kai wa shugaban sashe. Ta rubuta, da adireshi biyu, da kanu, da "da farko" da "na biyu", domin ita kaɗai ce hanyar rubuta wasiƙa da aka taɓa koya mata. Daftarin nata na biro har yanzu yana cikin jaka.