RAW ko JPEG: kar ka cika memorinka a banza

Wai duk wanda ya sayi kyamara yanzu sai a ce masa in ba RAW kake ɗauka ba to kai ba mai hoto ba ne. Ni dai ban yarda da wannan maganar ba, kuma ina ganin yaran da suke shigowa sana'ar nan a Zariya ana sa su asarar memori da lokaci kan abin da ba a yi musu bayaninsa ba.

JPEG hoto ne da kyamara ta riga ta gama aikinsa, ita ta zaɓi kalar, ta ƙara masa kaifi, ta matse shi, sauran bayanan kuma ta zubar. Kamar rigar da tela ya ɗinka ne ya watsar da ƙyallayen, in ta yi maka kaɗan sai haƙuri, RAW kuwa shaddar ce ba a sa mata almakashi ba. A JPEG kowace kala cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi, matakin haske 256 take da shi. RAW na yawancin manyan kyamarori 4,096 ne ko 16,384. Shi ne fayil ɗin da kake gani da .CR2 ko .CR3 a Canon, .NEF a Nikon, .ARW a Sony, wayoyi kuma galibi .DNG.

To ina amfanin wannan rarar? Je ka ƙofar fada ranar hawan sallah, an sauko daga idi rana ta take. Ga hakimi bisa doki da farin rawani tas yana ƙyalli, fuskarsa kuma tana cikin inuwar rawanin, dama ga mu baƙaƙen fata. In ka auna haske a fuska rawanin ya ƙone ya zama fari fat babu alamar naɗi, in ka auna a rawani fuskar ta yi duhu, kuma ba wanda zai tsayar maka da doki ka sake. A irin wannan wurin ni RAW nake sawa, ISO 100 ko 200, in rage haske kamar -0.7, in kunna alamar nan da take sa inda ya ƙone ya riƙa walƙiya a sikirin. Muddin rawanin ya daina walƙiya to shi kenan, ko fuska ta yi duhu ban damu ba. In na zauna a Lightroom, manhajar gyaran hoto, sai in ja Highlights ƙasa, Shadows sama, sai ka ga ninkin rawani ya fito, ido da gemu sun fito, kwalliyar doki tana nan da kalarta. Gwada wannan jan a JPEG ka gani, fuskar sai ta yi toka-toka da ɗigo-ɗigo, sararin sama kuma ya yi layi-layi maimakon ya tafi sumul.

Haka holin biki da aka cika da fitilu, wannan ruwan ɗorawa wancan shuɗi, farar shaddar ango ta koma wata kala daban. A RAW gyaran White Balance, wato daidaita kalar haske, ba ya rage wa hoto komai, JPEG kuwa an riga an toya kalar a jikinsa.

Amma fa akwai kuɗinsa. Kyamara mai megafiksel 24, RAW ɗaya yana kai wa megabayit 25 zuwa 30, JPEG mai kyau kuma wajen 8. Ke nan memori mai giga 64 da zai ɗauki JPEG kusan 8,000, da RAW wajen 2,300 kawai zai ɗauka, ga hard disk ɗin ajiya, ga zaman edita ɗaya bayan ɗaya, domin RAW in ka buɗe shi dishi-dishi yake fitowa, wanda ka gani a bayan kyamara ɗan JPEG ne da ta liƙa a ciki. Sannan lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje ka danne maɓalli, ƙaramar kyamara ba ta jimawa take shaƙewa tana jiran memori ya gama rubutawa, kafin ta farfaɗo sun wuce. Nan gara JPEG, ko C-RAW, wato RAW da aka matse, in kyamararka tana da shi.

Don haka mai ɗaukar fasfo a Samaru ko Kongo, da fitilarsa da bangonsa da ba sa canzawa, me zai yi da RAW? Haka mai bin biki yana wanke hoto nan take, ko wanda aikinsa a WhatsApp zai ƙare inda za a sake matse shi. Ku saita haskenku da kalarku daidai tun a kyamara ku ci gaba da JPEG ɗinku.

Kuma don Allah a daina cewa ai RAW ne za a gyara. Hoton da hannu ya girgiza ko fokas ya kauce RAW ba ya ceto shi, wurin da ya ƙone ƙurmus ma ba ya dawowa, in ka matsa masa sai dai ya ba ka toka. Wanda bai da kuɗin Lightroom kuma, Canon suna da Digital Photo Professional, Nikon suna da NX Studio, duk kyauta ne, sai dai ka tanadi kwamfutar da za ta iya ɗauka.