Dangwalen yatsa ba shi ne ƴancin majinyaci ba

Tun makon jiya nake ta sauraren wata muhawara a wani zauren ma'aikatan lafiya a nan Tawa, a kan wani dattijo mai ciwon suga da ya ƙi yarda a yanke masa ƙafa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda masu ilimin cikinsu suka rufe maganar da jimla ɗaya: ƴancinsa ne, ya dangwala wa takarda yatsa, an sallame shi, hannun asibiti ya fita. Dattijon nan kawun matata ne, manomin albasa, kuma ina tsaye a bakin gadonsa ranar da aka kawo takardar. Don haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba.

A makarantun jinya ana koyar da ginshiƙai huɗu da masana ɗa'ar aikin likita, Beauchamp da Childress, suka yaɗa tun 1979: girmama zaɓin majinyaci, yi masa alheri, kauce wa cutar da shi, da adalci. Masu cewa "ƴancinsa ne" sun haddace na farko sun bar na huɗu a aji. Ko na farkon ma rabinsa suka riƙe.

Ga yadda abin ya kasance. Ƙaya ce ta soke shi a garka, bai ji ba, domin suga ya riga ya kashe masa jijiyoyin tafin ƙafa. Kafin a kawo shi yatsu biyu sun yi baƙi, ƙafar ta kumbura tana ruwa, warinta kuwa tun daga ƙofar ɗaki ake jinsa. Likita ya duba ya ce sai an yanke ƙasa da gwiwa. Kawu ya ce a'a. Ba a yi minti goma ba aka kawo takarda da faransanci, wadda ke cewa ya ƙi magani bisa son ransa, aka shafa masa tawada a babban yatsa. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba.

Kafin a karɓi "a'a" daga bakin majinyaci akwai abubuwa huɗu da ake tabbatarwa. Ya fahimci abin da aka gaya masa? Ya yarda cewa a kansa maganar take, wato shi ne zai iya mutuwa, ba wani ba? Yana iya auna wannan hanya da waccan ya faɗi dalilinsa? Kuma yana tsayawa a kan zaɓi ɗaya, ba safe wani rana wani ba? Hanyar gwadawa ba ta buƙatar na'ura. Sai a ce masa ya maimaita da bakinsa abin da zai faru idan ba a yanke ba. A ciwo irin wannan gwajin ya zama dole, domin idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ko suga ya hau ƙwarai ko ya faɗi, hankali yakan gushe, mutum ya kasa faɗin inda yake ko wace rana ce. "A'a" ɗin da aka yi cikin zafin zazzaɓi ba hukunci ba ne. Sai a sauko da zazzaɓin, a daidaita sugan, a sake tambaya.

Wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ce kaɗai ta yi wannan, bayan an riga an dangwala. Ta auna sugansa, ta jawo kujera ta zauna, ta sa ƴaƴansa suka fita waje, ni ma sai daga bakin taga na ji sauran.

Ta ce, "Baba, in an bar ƙafar nan haka, me kake gani zai faru?"

Ya ce, "Ɗiyata, na sani. Ruɓar za ta hau sama ta kashe ni."

"To me ya hana ka yarda?"

Ya yi shiru har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "An sayar da tunkiya biyu tun zuwanmu. Saura garkar. In aka sayar da ita don ƙafata, yaran nan me za su ci?"

Hankalinsa garau yake, ya ci gwajin nan huɗu ba tare da tangarɗa ba. Amma ba tiyata ya ƙi ba, kuɗinta ya ƙi. Kunya ce ta hana shi faɗa a gaban ƴaƴansa, kuma babu wanda ya tambaye shi a keɓe. A nan ne nake ganin masu "ƴancinsa ne" ba su san abin da suke karewa ba. Zaɓi yana zama zaɓi ne idan hanyoyi biyun duka a buɗe suke. Alhajin da ke iya hawa mota zuwa Yamai ya nemi ra'ayin likita na biyu, idan ya ce a'a, ya zaɓa. Manomin da aka ɗora wa ƙafarsa a sikeli ɗaya da abincin iyalinsa, talauci ne ya yi magana da bakinsa, mu kuma muka rubuta a takarda cewa ra'ayinsa ne. Wannan ba girmamawa ba ce, wanke hannu ne da sabulun falsafa.

Za a ce mini ai gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta a 2024, kuma tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba su. Gaskiya ne. Amma takardar magani da ake miƙa wa dangi su je kanti, da kuɗin mota daga ƙauye, da abincin masu jinya, da ƙafar roba bayan an yanke, duk daga aljihun majinyaci suke fita, kuma su ne Kawu ya lissafa a daren nan.

Akwai kuma masu cewa da an bar babban ɗansa ya sa hannu an yi aikin da ƙarfi. Waɗannan ba su cancanci dogon amsa ba: ƙafar mai hankali ba ta dangi ba ce, kuma al'adar nan ce ta sa mace ke kwance tana zubar da jini ana jiran miji ya dawo daga kasuwa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta gado. Wasu na kwance a tabarma a baranda, me zai sa wanda ya ƙi aiki ya riƙe gado? Wannan ma maganar adalci ce, ban raina ta ba. Sai dai wanda ya ƙi yanka bai ƙi wankin gyambo ba, bai ƙi allurar insulin ba, bai ƙi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi ba. Yawancin wannan ana iya yi masa yana zuwa daga gida ko a asibitin da ke kusa da ƙauyensu. Ana iya karɓe gado ba tare da an karɓe kulawa ba. Abin da ake yi a zahiri shi ne hukunta shi: tunda ka ƙi namu, tafi da naka.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kada a kawo takardar nan sai an yi wa majinyaci bayani da harshensa, an tambaye shi dalili ba a gaban dangi ba, an rubuta dalilin. Idan kuɗi ne, a kai shi ofishin taimakon marasa ƙarfi kafin a kai shi ƙofa. Idan duk da haka ya ce a'a, a bar shi da a'arsa, a gaya masa ƙofa a buɗe take.

Ma'aikaciyar nan ta yi iya nata. Ta zagaye iyakar kumburin da biro, ta nuna wa ɗansa, ta ce in ja ya haye layin nan, ko zazzaɓi ya tashi, ko Baba ya fara sambatu, a dawo da shi ko tsakar dare ne. Da safe ta rubuta dalilinsa a takardar miƙa aiki, amma sallama ta riga ta fita. Kwana tara ya yi a gida ana shafa masa sassaƙe. Da aka dawo da shi ja ya haye layin biron da nisa, sai sama da gwiwa aka yanke. Garkar kuma an sayar da ita.