Kwanciyar da muke tilasta wa wanda aka yi wa tiyata

A gidajen Hausawan Jidda da Makka, idan aka yi wa ɗan'uwa aiki a ciki, jinyar da muka iya ita ce a lulluɓe shi, a hana shi motsi. Ya yunƙura zai zauna, sai a ce, "Baba, kwanta, kada ɗinkin ya farke." Tausayi ne ke sa mu faɗin haka, amma a ganina wannan kwanciyar tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutanenmu asibiti bayan aikin ya yi kyau.

A ɗauki misalin mace mai shekara 55, mai jiki, mai ciwon suga, da za a cire mata matsarmama ta hanyar yanka ciki. Tun kafin ranar aiki likitan sa barci zai zauna da ita, a auna yawan jininta da aikin ƙoda, a yi gwajin zuciya, a duba HbA1c, wanda ke nuna yadda suganta ya kasance cikin wata biyu zuwa uku. Sugan da ya yi sama yana hana rauni warkewa, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. A wannan zama ne muke yi wa kanmu illa da kawaici. Mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin ya yi shiru, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta ji nauyin faɗa a gaban surukarta, mai shan shisha ya ce ai ba sigari ba ce. Alhali ƙwayar da ke da sinadarin estrogen tana ƙara haɗarin daskarewar jini, har akan ce a dakatar da ita mako huɗu kafin babban aiki. Wanda Larabcinsa bai kai ba, ya nemi mai fassarar da ba ya jin kunyarsa.

Kwana biyun farko bayan aiki, huhu ake wa tsoro. Ciwon ɗinki yana sa ta yi numfashi sama-sama, tari kuma ta ƙi yinsa. Majina ta taru, ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhu su manne. Za a ga numfashinta ya yi sauri, ma'aunin da aka maƙala mata a yatsa ya nuna iska ta ragu. Abin yi shi ne a ba ta maganin ciwo kan kari, a ta da ita zaune, ta danne ɗinkin da matashi ta yi tari, ta riƙa jan iska a 'yar na'urar buɗe huhu mai ƙwallaye kamar sau 10 a awa. Idan aka bar ta kwance, limoniya ce ke biyo baya.

Shi raunin yakan nuna halinsa wajen kwana na biyar zuwa na bakwai, lokacin an riga an sallame ta. Ciwon da ya fara sauƙi ya dawo yana zugi, gefen ɗinkin ya yi zafi ya kumbura, ruwa mai kauri ko wari ya jiƙa bandeji, zazzaɓi ya kai 38. Ja ba ya fitowa sosai a baƙar fata, don haka a taɓa gefen wurin da hannu mai tsabta. Kada a shafa zuma ko man habbatus sauda, kuma ragowar maganin wani ba nata ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙafa. Jinin da ya kwanta a jijiyoyin sha-raɓa yana iya daskarewa. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ta yi ɗumi, ta yi ciwo in an taka. Mu kuwa sai jikarta ta ɗauko man zafi: "Hajiya, kawo in matsa miki." Kada a matsa. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu, kuma hakan na kashewa cikin mintuna. Numfashi ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, ko tari ya zo da jini, a kira motar agaji a 997 nan take.

Masu jinya za su ce suna tsoron ɗinki ne, kuma gaskiya ne ɗaukar kaya mai nauyi na iya ɓata shi. Amma takawa a hankali zuwa bayi da hannun ma'aikaciyar jinya, ranar aiki ko washegari idan likita ya yarda, ba ta farka ɗinki. Safar nan mai matse ƙafa kada a cire ta don zafi, allurar tsinka jini da ake yi a fatar ciki kuma a cika kwanakinta.

Sai batun komawa gida. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana kusan ninka haɗarin daskarewar jini, kuma jirgin Jidda zuwa Kano ya wuce haka. Haɗarin da tiyata ta kawo yana ɗaukar makonni bai gushe ba. Saboda haka mai Umara ko baƙon da aka yi wa aiki, kafin a tabbatar masa da tikiti, ya samu ranar tashi daga bakin likitan da ya yanka shi, ya kuma tambaya ko zai ci gaba da allurar har ya sauka.