Taron jama'a a wurin haɗari: me ya sa kowa ke jiran wani?

Wata Laraba da yamma, bayan La'asar, mota ta bugi wani ɗan acaɓa a kan titin da ya fito daga Ƙofar Kaura. Ina tsallaken titi ina sayen lemo. Kafin in ƙarasa, mutane sun fi talatin sun kewaye shi. Yaron na kwance, jini na zuba daga cinyarsa yana bin kwalta, takalminsa ɗaya can gefe. Salati ake ta yi, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, wani na cewa ai mai motar ne da laifi. Ni ma na tsaya, kuma na san na tsaya. Abin da ke raina a lokacin shi ne, a cikin wannan taron ba za a rasa ma'aikacin asibiti ba, ko wanda ya san yaron.

Idan aka ba da irin wannan labari, hukuncin da muke yankewa ɗaya ne: imani ya yi ƙaranci, zukata sun bushe. Ban yarda da wannan hukunci ba. Mutanen da suka tsaya tare da ni ranar nan su ne waɗanda za su bar shagonsu a buɗe su bi jana'izar wanda ba su sani ba. Abin da ya riƙe mu wani abu ne daban, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna shi.

Binciken ya samo asali ne daga kisan wata mata mai suna Kitty Genovese a birnin New York a watan Maris na 1964. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa mutum 38 sun shaida abin ba wanda ya kai ɗauki. Daga baya an gano cewa labarin an yi masa ƙarin gishiri, domin ba kowa ya ga abin da ke faruwa ba, kuma akwai maƙwabciyar da ta fito ta riƙe ta. Amma labarin ya sa wasu masana biyu, John Darley da Bibb Latané, suka shirya gwaji da suka wallafa a 1968. Sun zaunar da ɗalibi shi kaɗai a ɗaki, yana magana da wasu ta na'ura, sai ya ji ɗaya daga cikinsu kamar farfaɗiya ta kama shi yana neman taimako. Idan ɗalibin ya ɗauka shi kaɗai ke jin muryar, kashi 85 cikin 100 sukan tashi neman agaji kafin muryar ta yanke. Idan ya ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji tare da shi, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 31. Muryar ɗaya ce, haɗarin ɗaya ne. Abin da ya canja kawai shi ne yawan waɗanda yake zaton za su iya tashi a madadinsa.

Mu nan muna da sunan wannan a fiƙihu tun kafin gwajin. Ceton wanda ke cikin halaka farilla kifaya ne: idan wasu suka yi, ya sauka daga kan sauran, idan kuwa ba wanda ya yi, laifin ya hau kan duk wanda ke da iko. Matsalar ita ce a cikin taro kowa yakan riƙe rabin farko na hukuncin, ya ɗauka wani ya riga ya ɗauke masa. Nauyin da zai danne mutum ɗaya idan shi kaɗai ne a kan hanyar Daura da dare, a gaban mutum talatin sai ya rarrabu har kowa ya ji kasonsa bai kai ya motsa shi ba.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. Mutum idan bai tabbata ko abu ya yi tsanani ba, fuskokin na kusa da shi yake dubawa. Su kuma shi suke dubawa, kowa ya daure fuska don kada a ce ya cika rawar kai. Waɗannan masanan sun gwada wannan ma: suka riƙa turo hayaƙi cikin ɗakin da mutum ke cike takarda. Wanda ke shi kaɗai, uku cikin huɗu sun fita sun ba da rahoto. Wanda aka zaunar da shi tare da mutum biyu da aka umarta su yi kamar ba komai, ɗaya cikin goma ne kacal ya tashi. A al'adar da ke girmama kunya da kawaici irin tamu, inda yaro ba ya rigan manya yin magana, wannan tarko ya fi kama mu.

Sai kuma namu na gida: tsoron shiga sharo ba shanu. Mutane na gudun kada su kai mutum asibiti a riƙe su da tambayoyi ko a ce su biya kuɗi. Ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. Sai dai ya kamata a sani cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta a duba su ko babu takardar 'yan sanda.

Abin da ya warware taron namu ranar nan wata dattijuwa ce da ta sauko daga Keke Napep. Ba ta ce "jama'a a taimaka" ba, wadda ita ce maganar da aka yi ta maimaitawa ba ta tayar da kowa ba. Ni ta nuna da yatsa. Ta ce, "Kai ɗan nan mai farar riga, ba ni hiraminka." Na miƙa. Ta ninke shi, ta ɗora a kan raunin, ta kamo hannuwana biyu ta danna a kai, ta ce, "Danna da ƙarfinka, kada ka ɗaga don ka leƙa." Da jini ya jiƙe hiramin sai ta sa aka ƙara wani ƙyalle a samansa, ba a cire na farko ba. Ta nuna wani mai waya ta ce ya bar ɗaukar hoto ya kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra. Wani ya kawo ruwan leda zai ba yaron, ta hana, ta ce wanda wataƙila za a yi wa tiyata ba a ba shi ruwa. Masu son su sungume shi ta hannu da ƙafa ma ta tsayar da su, sai da aka sami mai riƙe kai da wuya a miƙe. Cikin minti biyu mutum shida na aiki, kuma dukkanmu muna wurin tun ɗazu.

Wani zai ce ashe gara mutum ya faɗi inda babu kowa. A'a. Wani bincike da Richard Philpot da abokansa suka yi a 2019 kan hotunan kyamarorin titi na rigingimu 219 a Amsterdam da Lancaster da Cape Town ya nuna cewa a tara cikin goma an sami aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a ya ƙara yiwuwar a samu. Wato taro yana rage wa kowane mutum zafin tashi, amma yana ƙara damar a sami na farko. Damuwata ita ce tazarar da ke tsakanin faɗuwa da isowar na farkon nan, domin babbar jijiyar cinya idan ta yanke, mintoci kaɗan ne ake da su.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da 'yan Keke Napep, da 'yan agajin masallatanmu, su ne ya kamata a fara koya wa abu biyu: tsayar da jini da hannu, da nuna mutum ɗaya a ba shi aiki ɗaya. Su ne ke kan titi daga asuba har dare, su ne kuma suka fi kowa faɗuwa. An ɗauki yaron a bayan wata a-kori-kura, ni da wani muna danne da cinyar har bakin sashen gaggawa. Dattijuwar ba ta bi mu ba, ta koma kekenta da ke jiranta.